Mai fenti ne ya yi ha'inci, ko hoto ne ya yi ƙarya?

Da yawa daga cikin mutanen Mora da ke neman kuɗi a Garwa, Marwa ko Duwala ta waya suke kula da ginin da suke yi a gida. Maigida ya turo kuɗi, magini ko mai fenti ya tura masa hoto ta WhatsApp. A nan rigima ke tashi. An yi magana a kan fenti mai launin madara, sai hoto uku na ɗaki ɗaya su iso: na farko ya yi rawaya, na biyu ya yi fari-fari, na uku ya ja toka. Nan take sai zance ya bazu cewa mai fenti ya sauya bokiti da mai araha, ko ya cika masa ruwa don ya ci rara. Cikin wannan zance akwai gaskiya, akwai kuma zargin da bai kamata a ɗora wa bawan Allah ba.

Cewa bambancin launi tsakanin hotuna hujja ce ta sauya fenti, wannan ba gaskiya ba ne. Launin da ido ke gani a bango hasken da ya faɗa masa ne yake dawowa, don haka in haske ya canza, abin da ake gani ma ya canza. A ɗauki ɗaki mai taga ɗaya tana kallon gabas. Da ƙarfe bakwai na safe rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta ja-ja ne, yana shigowa kai tsaye, sai launin madara ya fito kamar an zuba masa rawaya. Da azahar rana ta haye kan rufi, abin da ke shiga ta tagar hasken sararin sama ne, wanda ke da ɗan shuɗi, sai bangon ya koɗe. Da dare kuma ƙwan lantarki ne ke da iko. A duba kwalinsa: wanda aka rubuta wa 6500K haskensa fari ne mai sanyi, yana jan launin madara zuwa toka, wanda aka rubuta wa 2700K kuwa haskensa ɗumi ne, yana mai da shi ruwan ƙwai. Fenti ɗaya ne, bokiti ɗaya, ga hoto uku.

Mora na da nata ƙarin. Garin yana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da tsakar ka, sauran shekara kuma ta karkata kudu. Tagar arewa da ba ta ganin rana a watan Disamba za ta gan ta a Yuni. Ga kuma hazon hunturu, wanda ke baza haske ya dusashe launi, ga ƙasar tsakar gida da ke watso nata launin ta bakin ƙofa zuwa ƙasan bango.

Zance na biyu shi ne wai waya mai tsada ba ta ƙarya. Ita ma tana yi, sai dai da kyau. Kyamarar kowace waya, Itel ce ko Tecno ko Samsung ko iPhone, ba ta san launin hasken ɗakin ba, kintata take yi. Tana duba abin da ke gabanta ta zaɓi abin da take zaton fari ne, ta daidaita sauran a kansa. Idan mai ɗaukar hoto ya matsa har bango ya cika hoton baki ɗaya, ba ta da abin aunawa, sai ta ɗauka launin madarar nan aibin haske ne, ta goge shi, ta kuma rage masa haske. Shi ya sa hoton bango zalla ya fi kowane hoto yaudara. Bayan haka akwai allon wayar mai kallo. Allon AMOLED ya kan cika wa launi ƙarfi fiye da na LCD, sannan in an kunna abin kare ido, wanda wasu wayoyi ke kira Eye Care, wasu Eye comfort shield, iPhone kuma Night Shift, komai zai ja rawaya. Ko ido kansa ba shaida ba ne mai ƙarfi a kan hoto: a Fabrairun 2015 duniya ta rabu biyu a kan hoton wata riga, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan zinariya, alhali shuɗiya ce da baƙi.

Masu ɗora wa WhatsApp laifi kuwa sun yi rabin gaskiya. Yana matse hoto, ƙananan abubuwa kamar sawun buroshi su ɓace, amma ba shi ke mai da madara toka ba.

To ina gaskiyar masu zargi? Akwai ta. Ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba, don haka hoton da aka ɗauka ana cikin shafawa ba a yanke hukunci da shi. Cika ruwa ma yana faruwa, amma alamarsa ba sauyin launi a dukan ɗaki ba ce. Dabbare-dabbare ake gani, wani wuri ya yi kauri wani ya yi sirara, duhun siminti yana leƙowa, in an shafa tafin hannu bayan ya bushe a ga gari ya maƙale. Haka kuma filastar da ba ta bushe ba tana fitar da fari-farin gishiri ta ɓata fenti mai kyau, shi ya sa ake ba ta kamar mako huɗu kafin a shafa. Launin da aka haɗa da hannu, ana ɗiga ruwan kala a farin fenti, shi ma da wuya bokiti biyu su zo daidai, sai dai a juye su wuri ɗaya a gauraya tun kafin a fara.

Abin da zai raba gardamar bai fi farar takarda ɗaya ba. Maigida ya ce a manna farar takarda irin ta ofis a jikin bango, a goge idon kyamara, a kashe filasha da duk abin ƙawata hoto, a tsaya wuri ɗaya a ɗauka da safe, da azahar, da dare. A turo su ta Document don kada a matse su, shi kuma ya kashe abin kare ido kafin ya duba. Sai ya kalli takardar kafin ya kalli bangon. Idan a hoton safe ita ma ta yi rawaya, a na dare ta ja toka, haske ne da kyamara, mai fenti ba shi da laifi. Idan bango biyu ne ake tantama a kansu, a ɗauki kusurwar da suka haɗu, da takarda a kowanne, a hoto ɗaya. Takardun biyu su fito iri ɗaya, bangon biyu su bambanta, to akwai maganar da za a yi wa mai fenti.

Ko da takardar, hoto yana nuna bambanci ne kawai, ba ya faɗin ainihin launi. Don haka a yi ciniki da suna da lambar da ke jikin bokiti ko katin launi na shago, misali RAL 1015, wanda yake launin hauren giwa ne mai haske a Mora da Duwala duka. Sannan kafin a sayi bokitin dukan gida, a shafa gwaji mai faɗin rabin mita a bangon da ke kallon taga da wanda tagar ke jikinsa, shafi biyu, a bar shi ya kwana ya wuni. Wanda ke nesa ya tura uwargida ko ƙaninsa su gani da ido, da rana da kuma ƙarƙashin ƙwan da za a zauna da shi. Don Allah, 'yan'uwa, kada a riƙe wa mai fenti haƙƙinsa saboda hoton waya.