Yadda Ake Jera Farashin Kamfanonin Caca A Jadawali Ɗaya

Lambar da kamfanin caca ke sa wa sakamakon wasan ƙwallo, wadda masu harkar ke kira ods, farashi ce kamar na kaya a kasuwa, kuma kowane kamfani da nasa. Mai son kwatanta su ba ya bin shafukansu ɗaya bayan ɗaya. Yana ɗauko su ne ta wata ƙofa da ake kira API, inda manhaja ke aika buƙata, a maido mata da amsa, galibi a tsarin JSON.

Amsar ba ta zuwa a shimfiɗe. A cikin kowane wasa akwai kamfanoni, a cikin kowane kamfani akwai nau'o'in caca, a cikin kowane nau'i kuma akwai farashi. Aikin farko shi ne warware wannan ƙulli, a ba kowane farashi layinsa a jadawali, tare da sunan masu gida da na baƙi, da lokacin fara wasa, da sunan kamfani, da kuma lokacin da aka ɗauko shi. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, domin farashi na iya sauyawa cikin 'yan mintuna idan aka ji cewa wani ɗan wasa ya ji rauni. Sai a daidaita ma'auni: abin da Birtaniya ke rubutawa 5/2, Amurka na rubuta shi +250, sauran Turai kuma 3.50. Akan mayar da duka zuwa irin na ƙarshen, a kuma mayar da lokuta zuwa UTC, wanda agogon Najeriya da Nijar ya gabata da awa ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunayen ƙungiyoyi. Duk mai zuwa gidan kallo ya san Man Utd da Manchester United abu ɗaya ne, amma kwamfuta haruffa take dubawa, don haka sai ta ɗauki wasa ɗaya a matsayin wasanni biyu. Gyaran farko mai sauƙi ne. A mayar da haruffa ƙanana, a cire FC da ke manne da suna, a share alamomin da ke kan haruffa, yadda Atlético za ta koma atletico. Wannan bai isa ba, domin babu sharar da za ta mayar da Wolves ta zama Wolverhampton Wanderers. Dole a yi rajistar laƙabi da hannu:

```python
sunaye = {
    "man utd": "Manchester United",
    "wolves": "Wolverhampton Wanderers",
}
```

Akwai dabarar da ke auna kamannin sunaye biyu ta ba su maki, kuma tana rage wahala, sai dai tana da haɗari. A wurinta Manchester City ta fi kama da Manchester United fiye da yadda Man Utd ta yi. Haka Rangers kawai na iya nufin ta Glasgow, tana kuma iya nufin ta Enugu, ga kuma ƙungiyoyin mata da na matasa masu ɗauke da sunan babbar ƙungiya. Saboda haka ba a haɗa layi da layi sai sunayen biyu sun dace, gasar ta dace, ranar wasa ma ta dace. Sunan da ba ya cikin rajista a ware shi gefe mutum ya duba, maimakon a bar manhaja ta yi canke.

Bayan sunaye sun daidaita ne kwatance ke yiwuwa. A ɗauka, a misali, Wolves ta karɓi baƙuncin Manchester United. Kamfani na farko ya sa 3.40 a nasarar masu gida, 3.50 a kunnen doki, 2.10 a nasarar baƙi. Na biyu ya sa 3.60 da 3.30 da 2.05. Idan aka raba 1 da kowane farashi aka tara ukun, na farko zai ba da kusan kashi 105.6 cikin ɗari, na biyu kashi 106.9. Abin da ya haura ɗari shi ne rabon da kamfani ya keɓe wa kansa, don haka na farko ya fi sauƙi duk da na biyu ya fi shi biya a kan Wolves. Ko an tsinci mafi tsoka daga kowanne, wato 3.60 da 3.50 da 2.10, jimillar na tsayawa a kusan kashi 104, har yanzu ribar tana wajen kamfanoni.

Wannan lissafi shi ne kuma ma'aunin gano kuskure. Idan jimillar wani wasa ta faɗo kashi 85, da wuya a ce garaɓasa ce. Yawanci an juya masu gida da baƙi ne, ko an haɗa wasan matasa da na manya, ko kuma ɗaya daga cikin farashin na jiya ne.