Taƙaita Takardar Haya ga Mai Ƙaramin Ilimi

Wata dattijuwa ta kawo mini takardar hayar shago mai shafi 12, ta ce in faɗa mata abin da ke ciki. Na karanta sau biyu, sannan na tsamo abin da zai taɓa aljihunta: nawa za ta biya, yaushe, me zai sa a tashe ta.

Na rubuta mata layi biyar. "Kuɗin haya duk watan Janairu. In kin makara wata biyu, mai shago zai karɓi mabuɗi."

Haɗarin yana cikin kalmar "sai dai", domin nan sharaɗi ke ɓuya, kuma mai gaggawa shi yake fara zubarwa.

Da na gama na ce, "Inna, maimaita mini da bakinki." Inda ta yi tuntuɓe, nan na gyara. Mai karatu, kada ka tsallake wannan maimaitawar.