Yadda Ake Cire Baƙon Da Ya Gitta A Bidiyon Biki

Abin da ya fi ɗaga wa mai ɗaukar bidiyon biki hankali shi ne wani ya gitta gaban kyamara a lokacin da ba a maimaitawa. A ɗauka ana buɗar kai, an ɗaga mayafin amarya ke nan, sai ga wani mutum da ba a san shi ba ya ratsa ta bayanta, ya yi daƙiƙa 4 kafin ya fice. In kyamarar tana ɗaukar hoto 25 a kowace daƙiƙa, hotuna 100 ne suka ɓaci.

Abu na farko da mai tace bidiyo zai duba shi ne inda baƙon ya bi. In ta gefe ya wuce, aikin da sauƙi. Bidiyon da aka ɗauka a 4K faɗinsa ya ninka na 1080p sau biyu, saboda haka ana iya jawo hoton kusa har baƙon ya fita, ba tare da fuskar amarya ta dusashe ba.

In kuwa ta bayanta ya bi, sai a nemo hoto ɗaya na wurin kafin shigowarsa, inda bango da labule suke fayau. A manhaja irin su After Effects ko DaVinci Resolve, ana zagaye baƙon da layi, a huda wurin, a sa hoton nan mai tsabta a ƙarƙashi don ya cike gurbin. Dole layin ya riƙa bin mutumin a duk hotuna 100, kuma a tausasa bakinsa don kada mahaɗar ta fito. Wannan dabara ta fi yin kyau idan an kafa kyamara a kan ƙafafunta. Wadda aka riƙe a hannu tana rawa, sai an sa facin ya bi motsinta.

Inuwa ce ta fi tona asirin aikin gaggawa. Sau da yawa a cire mutum a manta da inuwarsa tana tafiya a ƙasa, ko surarsa a madubi. Haka kuma in fitilun ɗakin taro suna sauya launi, facin zai tsaya da launi ɗaya kamar tabo.

Dabarar tana da iyaka. In baƙon ya tare fuskar amarya, babu abin da zai dawo da murmushin da kyamara ba ta gani ba. A nan sai a bar sautin guɗa yana tafiya, a sako hoton dangin ango ko hannun amarya mai lalle daga kyamara ta biyu, a dawo bayan ya wuce. Shi ya sa ƙwararru suke zuwa biki da kyamara biyu, kuma suke ɗaukar wurin daƙiƙa 10 babu kowa kafin a fara.