Idan babur ya mutu a cikin ruwa, kada ka buga kik

A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, akwai titunan da ruwan sa'a ɗaya ya isa ya shafe su, a rasa gane inda kwalta ta ƙare da inda kwalbati ya fara. Mai babur ya iso bakin ruwan, ga fasinja yana gaggawa, sai ya ce bismillah ya afka. Wasu su haye lafiya, wasu kuma su kwana biyu a wurin bakanike.

Injin babur shaƙar iska yake yi. Iskar tana bi ta iyakilina, wadda a yawancin baburanmu take ƙarƙashin sit, ta wuce kafireta ta gauraya da fetur, sannan fistin ya matse ta. Ɗauki Boxer mai cc 100. Fistin yana matse abin da ya shiga har ya koma kusan kashi ɗaya cikin tara, wato wurin da ya rage a saman fistin wajen cc 12 ne. Babban cokalin cin abinci yana ɗaukar cc 15. To iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ruwa cokali ɗaya ya shiga wurin nan, fistin zai taho da ƙarfinsa ya tarar babu hanya, sai ƙarfen da ke tura shi, wato kwanrod, ya lanƙwashe. Daga nan sai sauke inji.

Saboda haka kafin ka shiga, tsaya ka kalli wanda ya riga ka. Duba inda ruwan ya kai a tayarsa. Idan bai kai tsakiyar taya ba, wajen santimita 30 ke nan, kuma a kwance yake, ana iya wucewa. Idan ya rufe tsakiyar taya yana neman bakin salansa, juya. Ruwan da ke gudu kuwa hukuncinsa daban: ko iya idon sawu ya wuce kaɗan, yana iya kwashe tayar gaba, balle a kan gadar da ruwa ya haura. Wannan ba a gwada shi. Idan za ka shiga, bi tsakiyar titi, domin nan ne ya fi tudu; gefe ne kwatoci marasa murfi suke.

Sauke fasinja, saka giya ɗaya, riƙe totur daidai ba tare da saki ba, ka rage gudu da kuloci. Masu shiga a guje wai don su tsere wa ruwan su ne suka fi cika garejin bakanike, domin gudun ne ke tayar da ruwa ya watsa shi har bakin iyakilina. Haka nan ka bar babbar mota ta wuce tukuna, igiyar ruwan da take turowa tana iya ninka zurfin.

To, an shiga, babur ya yi tari ya mutu. Nan ne hannu da ƙafa suke ƙaiƙayi. Sau da yawa fulogi ne kawai ya jiƙe, amma daga waje ba ka da hanyar sani, kuma bugun kik ɗaya mai ƙarfi yana iya ƙarasa ɓarnar da ruwan bai yi ba. Kashe makulli, tura shi zuwa tudu. Buɗe iyakilina: idan soson a bushe yake, da sauƙi. Idan a jiƙe yake, kwance fulogi, sannan ka taka kik a hankali sau da yawa, za ka ga ruwa yana fesowa ta ramin fulogin. Ci gaba har ya daina. Ɗaga tayar gaba salansa ta zubar da nata, sassauta sukurun da ke ƙasan kafireta ruwan da ya kwanta ya fita, ka matse soso ka shanya.

Sai baƙin mai. Zaro ma'auninsa ka duba: idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Juye shi a take, zuba sabo, bari inji ya yi zafi na 'yan mintoci, ka sake dubawa. Wani lokaci sai an yi juye biyu. Kuɗin man ba ya kama ƙafar kuɗin sauke inji.

Ko da ka haye lafiya, birki ya sha ruwa kuma ba zai kama yadda ka saba ba. Yi tafiya kaɗan kana ɗan danna shi har ya bushe kafin ka shiga cunkoso. Da ka isa gida ka wanke laka, ka sa wa sarƙa mai. Idan kuma bayan an tayar da injin ka ji wata sabuwar ƙara ko jijjiga, ko ƙarfinsa ya ragu, kashe shi ka tura wa bakanike, kada ka hau.