Memori ta nuna babu komai ko tana neman fomatin? Kada ka yi saurin dannawa

A garuruwa irin su Kurawa da ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, abin da mutum ya mallaka na hotuna da karatuttuka galibi a katin memori yake, ba a intanet ba. An ga haka ƙarara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. To idan wata rana ka buɗe waya ka tarar memori wayam, ko ta ce sai an yi mata fomatin, shi ke nan hoton marigayi da bidiyon biki sun tafi? Sau da yawa suna nan daram. Abin da yakan hallaka su shi ne matakin da mutum ya ɗauka cikin gaggawa.

Me ya faru a cikin katin?

Ka ɗauki memori kamar sito ne na hatsi. Akwai buhuna jibge, akwai kuma littafin da mai sito ke rubuta buhun wane yana ina. Waya ba ta bin buhuna ɗaya bayan ɗaya, littafin kawai take dubawa. Idan batir ya mutu ana tsakiyar turawa, ko aka zare katin ana aiki da shi, rubutun littafin na iya dagulewa. Wayar sai ta ce babu komai, ko ta nemi fomatin, wato a kawo sabon littafi marar rubutu.

Daga ranar da aka kawo sabon littafin, duk wani sabon hoto ko waƙa da ka saka zai hau kan tsohon kaya ya shafe shi har abada. Shi ya sa doka ta farko ita ce: kada ka yarda da fomatin, kada ka ɗauki hoto, kada ka bari a tura maka komai. Kashe wayar, ka cire katin.

Kafin ka nemi kwamfuta

Goge layukan nan masu ruwan zinare da busasshen ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hunturu kaɗai tana iya hana waya karanta kati. Sannan ka tambayi kanka ko ka canza waya. Katin da bai wuce giga 32 ba yana zuwa da tsarin littafi da ake kira FAT32, wanda ya wuce haka kuma da exFAT. Ƙananan wayoyi masu madannai da yawa na farkon kawai suka iya karantawa. Idan ka saka musu kati mai giga 64 sai su nemi fomatin, alhali lafiyarsa ƙalau.

Haka nan idan an taɓa haɗe katin da ma'ajiyar cikin wayar Android, wayar ta kulle shi da mabuɗin da ita kaɗai take da shi. Duk wata na'ura daban za ta ce a yi fomatin. Maganinsa a mayar da shi wayarsa ta asali.

Lambar da za ta gaya maka gaskiya

Idan wannan bai yi ba, sai a je wajen mai kwamfuta, irin masu tura waƙoƙi da fina-finai a kasuwa. Ka gaya masa tun farko cewa dubawa ka zo, ba gogewa ba. A saka katin a kad rida. Idan Windows ta fito da saƙon fomatin, a danna Cancel.

Mu ɗauki misalin kati mai giga 16. Mai kyau yakan nuna kusan giga 14.8 a kwamfuta, kuma wannan ragin ba matsala ba ce. Ka ce kafin abin ya faru kana da kaya na kusan giga 11. Ɗaya daga cikin abubuwa uku za a gani.

Na farko, katin ya buɗe babu komai a ciki, amma da aka duba Properties sai ya nuna an cinye giga 11. Barka, kayanka ɓoye su aka yi. Wannan aikin bairos ne da ke yawo a kwamfutocin da ake saka wa katuna da yawa kullum. Yakan ɓoye fayiloli ya bar gumakan bogi masu ƙaramar kibiya, kuma danna su ne ke yaɗa shi. A buɗe Command Prompt a rubuta wannan, a sa harafin da katinka ya samu a madadin E:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Da kayan sun bayyana, a kwafe su zuwa wata ma'ajiya, a bi su da manhajar kashe bairos.

Na biyu, katin ya ƙi buɗewa, amma a Disk Management yana nuna girmansa daidai, giga 14.8, da kalmar RAW a gefe. Littafin ne ya lalace, buhunan suna nan. A nan ake amfani da PhotoRec, manhaja ta kyauta da Christophe Grenier ya ƙirƙira. Ita ba ruwanta da littafi. Tana bin katin daga farko zuwa ƙarshe tana gane hoto ko sauti ko bidiyo ta alamar da kowanne ke farawa da ita. A zaɓi katin, a sa ta bincike shi gaba ɗaya, a ajiye abin da ta tsamo a kwamfuta. Kada a kuskura a ajiye a kan katin da ake ceto. Aikin na iya cin awa guda ko fiye, don haka a tabbatar akwai isasshen caji.

Ka sani fa, sunayen fayiloli ba sa dawowa, lambobi za ka gani. Hotuna sukan dawo lafiya, amma dogon bidiyo na iya zuwa a karye, domin sau da yawa a warwatse yake a cikin katin, kuma littafin ne ya san yadda ake haɗa guntayensa.

Na uku, kwamfuta ba ta ga katin ba sam, ko ta nuna No Media, ko wani ɗan girma da bai kai giga ɗaya ba. A gwada wata kad rida, don ita ma tana mutuwa. Idan haka aka sake gani, na'urar da ke cikin katin ce ta lalace, kuma manhaja ba ta gyara wannan.

Idan katin jabu ne fa?

Akwai katin da aka rubuta wa giga 64, har kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa 8 ne. Yana aiki lafiya har ka cika takwas ɗin. Daga nan sababbin kaya ko dai su faɗa inda babu wuri, ko su hau kan tsofaffi. Alamarsa ita ce fayiloli suna da suna amma ba sa buɗewa, kuma matsalar ta fara ne da kaya suka yi yawa. Abin da bai taɓa samun wurin zama ba, babu mai dawo da shi.

Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan katin: tana cika shi da bayanai, ta sake karantawa, ta faɗi nawa ne na gaskiya. Tunda rubutu take yi a kansa, sai bayan an gama ceto ake wannan gwajin, ko kuma ranar da aka sayi sabon kati.

Bayan ka buɗe hotunanka a kwamfuta ka tabbatar suna aiki, a lokacin ne fomatin ya halatta. Idan katin ya sake neman fomatin bayan 'yan kwanaki, kada ka ƙara ba shi amanar abin da ba ka da kwafinsa a wani wuri.