Kasuwar Wasa a Kusurwar Aji: Inda Yaro Ke Koyon Ba da Canji

Yaron da ya iya debe 350 daga 500 a kan allo yakan daburce idan aka miƙa masa kuɗi aka ce ya kawo canji. Maganin wannan bai wuce teburi ɗaya a kusurwar aji ba. Malami ya jera gwangwanayen madara da babu komai a ciki, da kwalayen ashana da na sabulu, ya manna wa kowanne farashi. Kuɗin kuwa kwali ne za a yanka, a rubuta adadi a kai baro-baro.

Kafin a buɗe kasuwa, sai yara sun ga kuɗin gaske sun taɓa. A nuna musu Murtala a kan Naira 20, Sardauna a kan 200, Azikiwe a kan 500, amma a saba musu da karanta lambar da ke jiki. Launi kaɗai yana yaudara, domin Naira 20 koriya ce, haka ma sabuwar 500 da aka fitar a 2022. Akwai gwaji mai sauƙi: riƙe takardar 100 guda a hannun dama, uku na 20 a hagu, ka tambayi yaro wanne ya fi yawa. In ya nuna hagu, takardu yake ƙirgawa, bai kai ga darajarsu ba. Irin wannan yaro sai a fara sa shi musaya, ya kawo biyar na 20 ya karɓi 100 guda, har abin ya zauna masa.

Daga nan sai ciniki. Ɗaya mai kanti, ɗaya mai saye. A fara da biyan kuɗi cif-cif, canji ya biyo baya. A nan dabarar ’yan kasuwa ta fi ta allo sauƙi, domin su ba sa debewa, cikowa suke yi. An sayi sabulu na 350, an ba da 500. Mai kanti ya fara daga kuɗin kaya, ya ajiye 50 ya ce “ɗari huɗu”, ya ɗora 100 ya ce “ɗari biyar”. Abin da ya ajiye, wato 150, shi ne canjin. Mai saye kuma ya ƙirga da bakinsa kafin ya bar wurin.

Idan yaro ya ba da 250, kada a tsaya a “ba daidai ba”. Galibi ya juya lissafin ne: da ya ga ba a debe 5 daga sifili, sai ya debe sifili daga 5. A sa shi ya haɗa 350 da 250, zai ga 600, ya gane da kansa cewa kanti ya yi asarar 100.

A riƙa juya matsayi, kada masu kaifin lissafi su mamaye kantin. Iyaye ma, in za ku aiki yaro tireda, ku tambaye shi nawa zai dawo da shi tun bai fita ba.