Naira 323 da Kwabo 75 da Suka Ƙi Zama

Ƙarshen wata ya yi. Akawun wani dilan atamfa a Kantin Kwari ya shimfiɗa littafin shige da ficen kuɗi a gefe, takardar bayanin asusu da banki ya turo a ɗaya gefen. Ya ware cakin da aka rubuta ba a kai banki ba tukuna, ya ware kuɗin da aka zuba ranar ƙarshe bai bayyana ba, ya yi wa kowane layi alama. Duk da haka littafinsa ya ɗara na banki da ₦323.75.

A harkar da miliyoyi ke juyawa, maigida zai ce a share, bai kai kuɗin ɗan dako ba. Akawun da ya san aikinsa ba zai yarda ba, domin ƙaramin giɓi sau da yawa ragowar kurakurai biyu ne manya da suka kusa cinye juna: an manta rubuta shigar dubu ɗari biyu, an kuma manta fitar dubu ɗari biyu da 'yan kai. Sai ka ga ɗan saura, alhali ɓarnar tana ƙasa.

Abin dubawa na farko ba ya cin minti biyu: shin kuɗin da aka buɗe watan da shi ya yi daidai da wanda aka rufe watan jiya? In a nan matsalar take, duk binciken wannan watan wahalar banza ce. A wurin akawunmu ya yi daidai.

Sai ya tsura wa giɓin kansa ido, musamman wutsiyarsa. Ɗan kasuwa ba ya ciniki da kwabo. Banki ne ke yi. Bisa ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya sa ta fara aiki a Janairun 2020, an ƙayyade ladan tura kuɗi zuwa wani banki a kan ₦10, ko ₦25, ko ₦50, gwargwadon yawan abin da aka tura, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Wato ₦10.75, ₦26.88 da ₦53.75. Kwabo 75 ke nan ya nuna ɗayan biyu. Ya ƙirga kuɗin da aka tura a watan, ya ƙirga ladan da ya rubuta, sai ya tarar ɗaya ya tsere masa, na wata babbar turawa: ₦53.75. Saura ₦270 cif.

A nan akawu ke da dabaru biyu na gado. Ta farko, raba giɓin biyu. In ka biya ₦135 amma ka rubuta shi a ɓangaren shiga, littafinka zai kauce da ninkinsa, ₦270. Ya nema, babu ₦135 ko'ina.

Ta biyu, raba shi da tara. Duk lokacin da hannu ya musanya lambobi biyu, bambancin da zai fito sai ya rabu da tara ba saura. 270 a raba da 9 ya ba da 30, kuma wannan 30 ɗin ba amsa ce kawai ba, kwatance ne. Ukun na cewa tazarar lambobin da aka musanya uku ce, kamar 2 da 5, ko 4 da 7. Sifirin na cewa a gurbin gommai da ɗaruruwa suke. Maimakon bin layi ɗari uku, sai ya nemi waɗanda suka ƙare da irin 250, 520, 470 ko 740. Ga shi nan: kuɗin mota da aka biya ₦48,520, a littafi an rubuta ₦48,250. Kuma shi da kansa ya yi masa alama ɗazu, don ido in ya gaji farkon adadi yake karantawa ya wuce.

Kada dai a ɗauki taran nan kamar duba. Cikin kowane lambobi tara akwai ɗaya da ke rabuwa da tara haka kawai, kuma da akawun ya gwada ta tun kan ₦323.75, kafin ya cire ladan banki, da ba ta nuna masa komai ba. Kuskure biyu a haɗe suna ɓoye alamar juna. Sai an ɓare ɗaya na biyun ke bayyana.

In duka sun ƙi, sai a tsaga watan. A kwatanta ragowar littafi da ta banki a ranar 15, bayan ware abin da ke kan hanya. In giɓin ya riga ya bayyana, yana rabin farko. A sake tsaga wannan rabin. Tsagawa biyar ta isa ta kai mutum ga rana guda.

Gyaran kuwa a littafin shago ake yin sa, tunda kuskuren biyu nasa ne: a shigar da ₦53.75 a matsayin ladan banki, a ƙara ₦270 a kan kuɗin mota, da kwanan wata da dalili a gefe, ba a goge tsohon rubutun ba.